Me ya sa Bellman-Ford ke maimaita zagaye, kuma yaya ake kama mugun zobe?

"Assalamu alaikum Malam. Ina shekara ta biyu a fannin kwamfuta. Na rubuta Dijkstra yana aiki lafiya, amma da na sa wa titi ɗaya nauyin da ke ƙasa da sifili sai ya ba ni amsar da ba ita ba, kuma bai nuna wani kuskure ba. An ce in koma Bellman-Ford. Na kwafa ya yi aiki, sai dai ban gane dalilin maimaitawa sau n − 1 ba, ban kuma gane yadda ƙarin zagaye ɗaya ke tona zoben da jimillarsa ke ƙasa da sifili ba. Don Allah a warware mini."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ɗauko takarda da biro, domin abin nan ya fi shiga kai idan hannunka ne ya yi lissafin.

Mu ɗauki direban babbar mota da garuruwa biyar, A, B, C, D da E. Kowane titi hanya ɗaya yake bi, kuma nauyinsa shi ne abin da direba ya kashe a kansa, kuɗin mai da sauransu, bayan an cire kuɗin dakon da aka biya shi. Inda dako ya fi kashewa yawa, nauyin sai ya faɗi ƙasa da sifili. Titunan shida ne: A→B nauyinsa 4, A→C 5, A→E 10, B→D 3, D→E 2, sai C→B wanda nauyinsa −3, wato a nan riba yake ci. Daga A muke tashi, muna neman hanya mafi araha zuwa kowane gari, aikin da Dijkstra da Bellman-Ford suke yi ke nan, n kuma shi ne adadin garuruwan, a nan biyar.

Inda Dijkstra ya yi tuntuɓe

Dabarar da Edsger Dijkstra ya wallafa a 1959 tana tsaye ne a kan zato guda: ƙarin tafiya ba ya rage kuɗi. Shi ya sa da zarar ya ɗauki garin da ya fi kusa a cikin waɗanda suka rage, sai ya rufe shi, ya ce an gama da wannan. A misalinmu, daga A zai rubuta wa B 4, C 5, E 10. B ne mafi ƙanƙanta, sai ya rufe shi a kan 4, ya ba D 7. Sannan ya zo kan C, ya tarar da titin C→B wanda zai kai mutum B a kan 5 − 3, wato 2, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ƙarshe zai ce maka D 7 ne, E kuma 9, alhali gaskiyar ita ce B 2, D 5, E 7. Akwai masu rubuta shi ta yadda zai gyara B ya koma 2 amma ba zai sake bin titunan da ke fita daga B ba, sai ka ga B daidai, D da E kuma a karkace. Wannan ya fi ruɗarwa, domin mai dubawa yakan tsaya a kan B ya ɗauka komai ya yi.

Akwai wata dabara da kusan kowane ɗalibi yake fara kawowa: a ƙara wa kowane titi 3 don kada a bar komai ƙasa da sifili. Gwada ka gani. Hanyar A→C→B→D→E tana da tituna huɗu, za ta sha ƙarin 12, ta tashi daga 7 zuwa 19. Titin A→E guda ɗaya ne, zai tashi daga 10 zuwa 13. Ka ga wanda ya fi tsada ya zama mai araha. Ƙarin yana cutar hanya mai tituna da yawa, don haka ba magani ba ne.

Sassautawa

Bellman-Ford ba ya rufe kowane gari. Kowane gari yana riƙe da adadi, `nisa[v]`, wanda ke nufin mafi arhar abin da muka gano ya zuwa yanzu. A farko tushe, wato garin da muka tashi, yana da sifili, sauran kuma ba iyaka, domin ba mu san hanyarsu ba. Aikin gaba ɗaya tambaya ɗaya ce da ake yi wa kowane titi daga u zuwa v mai nauyi w: shin `nisa[u] + w < nisa[v]`? In haka ne, sai a rage `nisa[v]`, a kuma rubuta cewa daga u aka shigo. Wannan shi ne sassautawa. A bi tituna duka ɗaya bayan ɗaya, an yi zagaye ɗaya ke nan.

```python
def bellman_ford(n, tituna, tushe):
    nisa = [float("inf")] * n
    daga = [None] * n
    nisa[tushe] = 0
    for _ in range(n):
        canji = None
        for u, v, w in tituna:
            if nisa[u] + w < nisa[v]:
                nisa[v] = nisa[u] + w
                daga[v] = u
                canji = v
        if canji is None:
            return nisa, daga, None
    return nisa, daga, canji
```

Da gangan zan jera titunan a tsari mafi muni: D→E, B→D, C→B, A→B, A→C, A→E. A zagaye na farko, tituna ukun farko ba su da abin yi, saboda ba a san hanyar garuruwan da suke fitowa ba. Ukun ƙarshe su ne suka ba B 4, C 5, E 10. A zagaye na biyu D→E yana nan yana jira, B→D ya ba D 7, sannan C→B ya sauke B zuwa 2. Lura da wannan wurin: D ya karɓi 7 ne daga tsohon adadin B, labarin ragin bai iso shi ba tukuna. A zagaye na uku E ya sauka zuwa 9 ta hanyar D mai 7, bayan nan D ya samu labari ya koma 5. A na huɗu ne labarin ya kai E, ya zama 7. A na biyar babu abin da ya motsa.

Da a ce na jera su A→B, A→C, A→E, C→B, B→D, D→E, zagaye ɗaya tak zai gama aikin, na biyu ya tabbatar. Amsar ɗaya ce, saurin ne ya bambanta. Shi ya sa na sa `canji` a cikin kod ɗin: zagayen da bai canza komai ba, na bayansa ma ba zai canza ba, sai a tsaya.

Daga ina n − 1 ya fito?

Dubi hanyar da ta yi nasara zuwa E: A→C→B→D→E. A zagaye na farko dole a taɓa titin A→C, ko a ina yake a jerin, kuma tunda adadin A daidai yake tun farko, C zai samu nasa na gaskiya. A na biyu dole a taɓa C→B, kuma C ya riga ya zauna, sai B ya zauna. Haka gaskiya take tafiya, aƙalla titi ɗaya a kowane zagaye, kamar yadda saƙo ke bi daga baki zuwa baki. Tana iya tsallake biyu ko uku in jerin ya yi mata daɗi, amma ba ta taɓa yin ƙasa da ɗaya. Saboda haka bayan zagaye k, duk garin da hanyarsa mafi araha ba ta wuce tituna k ba ya samu amsarsa.

Saura a san iyakar tsawon hanya mafi araha. Idan hanya ta bi ta gari ɗaya sau biyu, to a tsakiyarta akwai zobe: an bar garin, an kewaya, an dawo. In jimillar zoben ta haura sifili, yanke shi zai rage kuɗi. In sifili ce cif, yanke shi ba zai canza komai ba. Ke nan muddin babu zoben da jimillarsa ke ƙasa da sifili, kullum akwai hanya mafi araha da ba ta maimaita gari. Hanyar da ba ta maimaita gari a cikin garuruwa n ba za ta wuce tituna n − 1 ba, kamar yadda turaku biyar a jere suke da tsakani huɗu. Misalinmu ya cinye huɗun duka, don haka ba za a iya rage wannan adadin a yi alkawarin amsa a kowane hali ba.

Mugun zobe

Yanzu ƙara titi na bakwai a ƙarshen jerin: D→C mai nauyi −1. An samu zobe C→B→D→C, jimillarsa −3 + 3 − 1, wato −1. Duk kewayawa ɗaya direba yana rage 1. Ya kewaya sau goma ya rage 10, sau dubu ya rage dubu. A nan tambayar "wace hanya ce mafi araha zuwa E" ba ta da amsa, domin duk wadda ka kawo zan ƙara kewayawa ɗaya in kawo wadda ta fi ta. Wannan nake kira mugun zobe. Ka riƙe cewa titi mai nauyi ƙasa da sifili ba laifi ba ne, mun yi aiki da shi lafiya a sama. Jimillar zoben ce abin dubawa. Da nauyin D→C 1 ne, da jimillar ta zama 1, babu matsala ko kaɗan.

Bi lissafin. Zagaye biyun farko kamar dā suke, D→C a na biyu yana kawo 6, bai kai ya doke 5 ɗin C ba. A na uku, bayan D ya koma 5, sai C ya sauka zuwa 4. A na huɗu E ya zama 7, B kuma 1. A nan ya kamata a ce an gama. Amma a zagaye na biyar B→D ya sauke D zuwa 4, D→C kuma ya sauke C zuwa 3. Abin da ya kamata ya tsaya cak yana ci gaba da motsi.

Hujjar tana da fuska biyu, kuma ɗalibai sukan riƙe ɗaya su bar ɗaya. Ta farko mun gama ta: in babu mugun zobe, komai ya zauna bayan n − 1, don haka canji a zagaye na n yana nufin akwai shi. Ta biyu ita ce tabbatar da cewa in akwai shi ba zai iya ɓuya ba. A ce wani zagaye ya wuce babu titin da ya sassauta. Ma'anarsa kowane titi na zoben ya cika wannan sharaɗi:

```
nisa[B] <= nisa[C] - 3
nisa[D] <= nisa[B] + 3
nisa[C] <= nisa[D] - 1
```

Tara layukan uku. Hagu da dama duk suna ɗauke da `nisa[B] + nisa[C] + nisa[D]`, sai su share juna, a bar ka da `0 <= -1`, abin da ba zai yiwu ba. Don haka a kowane zagaye, har abada, sai an samu aƙalla titi ɗaya da zai sassauta. Wannan 'yar hujjar ina son ta ƙwarai, domin layi uku ne kawai kuma babu inda ta bar ƙofa.

Sai dai sharewar nan ba ta halatta sai adadin ya kasance na gaske, ba marar iyaka ba. Nan ne iyakar gwajin take: yana kama zoben da ake iya isa gare shi daga tushe ne kaɗai. In mugun zobe yana can wani ɓangare da babu titin da ya kai shi daga A, adadin garuruwansa zai zauna a ba iyaka, ba za ka ji ɗuriyarsa ba. In tambayarka ita ce ko akwai mugun zobe a ko'ina cikin taswirar, sai ka fara da sifili a kowane gari. Wannan daidai yake da ƙirƙiro wani sabon tushe mai titin sifili zuwa kowa.

Fito da zoben kansa

Sanin akwai shi rabin aiki ne, mai aiki yakan so a nuna masa shi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar garin da ya canza a zagayen ƙarshe a ce yana cikin zoben. Ba dole ba ne. Da ka ƙara zagaye na shida a misalinmu za ka ga E ya sauka zuwa 6, kuma E ba ya cikin zoben, yana bayansa ne kawai yana shan ragin da ke gangarowa. Maganin shi ne a koma da baya ta `daga` sau n. Garuruwa n ne gaba ɗaya, wanda ya yi taku n da baya dole ya riga ya faɗa cikin zoben.

```python
x = canji
for _ in range(n):
    x = daga[x]
zobe, y = [x], daga[x]
while y != x:
    zobe.append(y)
    y = daga[y]
zobe.reverse()
```

Daga C, taku biyar da baya su ne D, B, C, D, B. Mun tsaya a B, muka tattaro B, C, D, muka juya jerin ya zama D, C, B, wato D→C→B→D. In mun tashi daga E ma, D, B, C, D, B za mu bi.

Kada kuma ka zubar da sakamakon duka don an samu zobe. Garuruwan da ake iya isa gare su daga zoben su ne suka rasa amsa, a nan B, C, D da E. Garin da zoben ba ya kaiwa gare shi, kamar A, adadinsa sahihi ne. Amma lambobin da suka rage a kan waɗancan huɗun, irin su 7 da ke kan E, ba su da ma'ana, kada ka nuna wa kowa su a matsayin nisa.

Abubuwan da suka fi kayar da mutane

Na farko na taɓa faɗa masa da kaina. Na rubuta wannan a C++ da lambobi cikakku, na sa biliyan ɗaya a matsayin ba iyaka. Gwaje-gwajena duk suka wuce, sai wani bayani ya zo da gari biyu da ba su haɗu da tushe ba, da titin −3 a tsakaninsu. Biliyan ɗaya a cire 3 ya fi biliyan ɗaya ƙanƙanta, sai shirin ya sassauta titin, ya buga mini 999999997 a matsayin nisan garin da babu hanyar zuwa. Tun daga ranar ba na rubuta sharaɗin sai na fara da `nisa[u] != INF`. A Python `float("inf")` yana kare ka, domin a cire masa komai yana nan yadda yake. In ka ga wata ƙatuwar lamba mai tara-tara a sakamakonka, nan za ka fara dubawa.

Na biyu, titi mai zuwa da dawowa. In taswirarka ba ta da alkibla, kuma ka mayar da kowane titi biyu, to titi ɗaya mai −3 ya zama mugun zobe da kansa: je ka dawo, −6. Shirin zai yi ta ce maka akwai zobe, kuma gaskiya ya faɗa. Dabarar ta tituna masu alkibla ce.

Na uku ya shafi lambobi masu ɗigo, kuma a harkar canjin kuɗi ya fi fitowa. A can ninkawa ake yi ba tarawa ba, sai a ba kowane titi nauyin `-log(farashi)` don ninkawa ta koma tarawa. A ce kuɗin farko ɗaya yana sayen na biyu 2, na biyu ɗaya yana sayen na uku 3, na uku ɗaya yana sayen na farko 0.17. Ninka su: 1.02, ribar kashi biyu cikin ɗari. Nauyinsu kuma −0.693, −1.099 da 1.772, jimilla −0.020, mugun zobe ke nan, wanda ga ɗan canji alheri ne. To amma zoben da jimillarsa sifili ce cif yana iya fitowa da ɗan burbushin ragi saboda yadda kwamfuta ke taƙaita ɗigo, sai shirin ya yi shelar ribar da babu. Don haka ake rubuta `nisa[u] + w < nisa[v] - 1e-9`. Kuma a sa kuɗin la'ada a cikin farashin tun farko: in ana cire kashi ɗaya cikin ɗari a kowane canji, 1.02 ɗin nan zai koma wajen 0.99, ribar ta zama asara.

Tsadarsa da iyakarsa

Kowane zagaye yana taɓa tituna m, zagaye kuma har n, aikin ya kama n sau m. Gari 1,000 da titi 5,000 dubawa miliyan biyar ne, ba komai ba ne. Gari 100,000 da titi 500,000 kuwa biliyan hamsin ne a mafi munin hali, wannan ba abin jira ba ne. Saboda haka in babu nauyi ƙasa da sifili, koma wa Dijkstra ɗinka. In taswirar ba ta da zobe ko ɗaya, jera garuruwan ta yadda kowane titi ke fuskantar gaba, ka sassauta sau ɗaya, ka gama ko da akwai ragi. Akwai kuma salon da ke ajiye garuruwan da suka canza a layi, ya sake duba titunansu kaɗai. Yakan yi sauri a aikace, amma a mafi munin hali tsadarsa ɗaya da ta asali, kada ka dogara da shi a inda wani zai iya shirya maka bayanai da gangan. In kana buƙatar nisa tsakanin kowane gari da kowane gari, dabarar Donald Johnson ta 1977 tana gudanar da Bellman-Ford sau ɗaya, ta mayar da nauyin kowane titi `w + nisa[u] - nisa[v]`, wanda ba ya sauka ƙasa da sifili, sannan ta saki Dijkstra daga kowane gari. Wannan ita ce sahihiyar hanyar yin abin da ƙarin 3 ya kasa, domin abin da aka ƙara yana sharewa a tsakiyar hanya, ya bar na farko da na ƙarshe kaɗai.

Sunan ya fito ne daga Lester Ford, wanda ya bayyana ta a 1956, da Richard Bellman a 1958, kodayake Alfonso Shimbel ya riga su a 1955, kuma za ka ga wasu suna haɗawa da sunan Edward Moore.

Wata tambaya da na san za ta biyo baya: in akwai mugun zobe, me zai hana a ce a nemo hanya mafi araha da ba ta maimaita gari? Tambayar tana da amsa, amma Bellman-Ford ba zai ba ka ita ba, kuma har yau ba a samu dabara mai sauri da ke warware ta a kowace taswira ba. Ka sa wa kowane titi −1 ka gani: neman mafi araha ya zama neman hanya mafi tsawo da ba ta maimaita gari, kuma wanda ya iya wannan ya iya faɗin ko akwai hanyar da ke ratsa kowane gari sau ɗaya, matsalar da ke cikin sanannun masu wuya a fannin nan. A aikina, idan zobe ya fito, abin da nake fara yi shi ne in buga garuruwansa da nauyin titunansa in duba da ido, domin sau da yawa alamar ragi ce aka sa a inda bai kamata ba, ko kuma lissafin ya manta cewa dakon C zuwa B sau ɗaya ake biyan sa, ba duk kewayawa ba.